FILIN KIWON LAFIYA: Ciwon Asma Da Magungunan Shaƙa Iri Biyu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe gari, ƙura ta shiga ɗakuna ta kowace kafa, sai masu ciwon asma su shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Da yawa daga cikinsu za a tarar da ɗan maganin shaƙa shuɗi a aljihu ko a ƙarƙashin matashin kai. In aka bincika kuwa, sau da yawa akwai wani maganin shaƙar na biyu, mai ruwan ƙasa ko ja, wanda likita ya rubuta tare da shuɗin, amma yana can cikin akwati ba a taɓa shi ba sai sau biyu ko uku. In aka tambayi mai shi dalili, amsar ɗaya ce: wannan ba ya aiki, an shaƙa ba a ji kome ba. A wannan mako filin zai duba abin da ya sa a ke ba da magungunan nan biyu tare, da abin da ya sa wanda a ke rainawa shi ne ya fi tsare rai.

Kafin a fahimci magani sai an fahimci abin da ya ke gyarawa. Iskar da mutum ya shaƙa ta kan bi ta maƙogwaro ta gangara cikin babban bututu, sa'an nan bututun ya rabu biyu, ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Daga nan kowanne ya yi ta rabuwa, kamar yadda rassan itace su ke yi, har sau wajen 23, ana ta ƙanƙancewa, har a kai ga 'yan bututun da ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Kowane bututu yana da laushin fata daga ciki, mai fid da majina kaɗan don kama ƙura, kuma yana da siririyar tsoka da ta kewaye shi daga waje kamar zobe. Tsokar nan ba ta bin umurnin mutum. Ba wanda zai ce mata saki ta saki.

A jikin mai asma abu uku ne ke faruwa ga waɗannan bututu, amma ba da sauri ɗaya su ke faruwa ba, kuma nan ne gaɓar zancen duka. Na farko, fatar nan ta ciki ta kan kumbura, ta yi ja, ta yi kauri, kamar yadda cikin hanci ya kan yi in mura ta kama. Wannan kumburi a hankali ya ke taruwa, kuma ba ya tafiya don an ji sauƙi. Yana nan dare da rana, har a ranakun da mutum ya ke jin garau ya ke. Na biyu, fatar da ta kumbura ta kan fid da majina mai kauri da yauƙi, wadda ta kan toshe ƙananan bututu. Na uku shi ne mai zuwa farat ɗaya: tsokar nan mai kama da zobe ta tsuke, ta shaƙe bututun cikin 'yan mintoci. Abin da ke sa ta tsukewa kuwa ba wani babban abu ba ne. Sanyin asuba, ƙurar sussuka, hayaƙin itacen girki, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, kashin kyankyaso, mura, ko gudu a filin ƙwallo, kowanne ya isa. Mai lafiya ya kan shaƙi waɗannan duka ya wuce abinsa. Mai asma ba ya wucewa, domin bututun da ya riga ya kumbura ya zama mai saurin fushi, kamar gyambon da ko riga ta taɓa shi sai an ji.

Mai karatu zai yi mamakin yadda ƙuntata kaɗan ta ke kawo wahala mai yawa. Masu ilmin lissafin gudun ruwa da iska cikin bututu sun nuna cewa in faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura iska ta cikinsa ta kan ninka har wajen sau 16. To, a haɗa wannan da kumburin da ya riga ya cinye wani sashe na faɗin tun kafin tsokar ta motsa. Tsukewar da ba za ta dami mai lafiya ba, ita ce za ta kusa rufe bututun mai asma. Har ila yau, fitar da iska ta fi shigar da ita wuya, saboda bututun su kan ƙara matsewa lokacin da ƙirji ya ke sauka. Shi ya sa a ke jin wannan ƙara mai kama da fito in mai ciwon yana fid da numfashi, shi ya sa kuma ya ke jin ƙirjinsa ya cika ya ɗaure, tsohuwar iska ba ta gama fita ba balle sabuwa ta sami wuri. Abin ya fi tsanani da tsakar dare da goshin asuba. A nan ya kamata a lura, asma dabam ce da tarin fuka. Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani, ko da an ci abinci a kwano ɗaya.

Maganin shaƙa na gaggawa, watau shuɗin nan, abin da ke cikinsa galibi shi ne salbutamol, wanda mutane suka fi sani da sunan Bentolin. An fara sayar da shi a Ingila a 1969. Aikinsa guda ɗaya ne tak: ya sa tsokar da ta tsuke ta saki. Cikin minti biyar da shaƙa mutum ya kan ji ƙirji ya buɗe, kuma sauƙin ya kan kai awa 4 zuwa 6. Ya kan sa hannu ya yi ɗan rawa, zuciya ta yi ɗan sauri, amma wannan ba ya daɗewa. Magani ne mai ceton rai, kuma bai kamata mai asma ya fita gida ba tare da shi ba. Sai dai fa bai san hanyar kumburi ba. Ya kan sassauta zoben, ya bar fatar a kumbure, ya bar majinar inda ta ke. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Maganin shaƙa na kullum, wanda a ke kira na rigakafi, shi ne mai zuwa wa kumburin. Abin da ke cikinsa wani nau'in magani ne da likitoci ke kira sitiroyid, kamar su bekilometason da budesonayid. Na farkon an fara ba da shi ta hanyar shaƙa a 1972. Shi wannan ba ya sakin tsoka, saboda haka wanda ya shaƙe shi numfashi na sarƙe ba zai ji wani canji ba a wannan sa'a, kuma gaskiya ya faɗa da ya ce bai ji kome ba. Kuskurensa shi ne zaton cewa abin da ba a ji ba bai yi aiki ba. Maganin ya kan shiga cikin fatar bututun ne, ya kwantar da ƙwayoyin jikin da ke hura wutar kumburin, kwana bayan kwana. Bayan mako ɗaya ko biyu a kan fara ganin bambanci, cikakken amfaninsa kuwa sai an yi makonni, wani lokaci watanni. Alamar aikinsa ita ce abubuwan da suka daina faruwa: dare ya wuce ba a farka da tari ba, an hau bene ba a tsaya ba, an yi kwana goma ba a nemi shuɗin ba. In an daina shaƙarsa, kumburin ya kan dawo a hankali cikin 'yan makonni, ba tare da sallama ba.

Launin nan da a ke faɗi, shuɗi da ruwan ƙasa, al'ada ce kawai ta masu yin magani, ba doka ba ce. Akwai kamfanonin da ba sa bin ta. Wanda aka ba magungunan shaƙa biyu ya nemi likita ko mai harhaɗa magani ya karanta masa sunan da ke jikin kowanne, ya gaya masa wanne ne na gaggawa, wanne ne na kullum, in ya so ya sa wa ɗaya alama da zare.

Alal misali, a ɗauki wani tela ɗan shekara 35 wanda ya ke da asma tun yana yaro, yana aiki a shagon da ke bakin hanya, ga ƙurar titi, ga ta yadi. Yana shaƙar shuɗin feshi biyu da asuba, biyu da rana, biyu da dare in tari ya tashe shi. Feshi 6 ke nan kowace rana. Gwangwanin salbutamol na yau da kullum feshi 200 ne a cikinsa, saboda haka kwana 33 zai yi masa, watau gwangwani 11 a shekara. Shi a ganinsa ya shawo kan ciwonsa, tun da duk sa'ad da ya shaƙa ya kan ji sauƙi, kuma ya daɗe bai kwanta asibiti ba. A ganin likita kuwa mutumin nan yana bakin rijiya. Wanda asmarsa ta kwanta sosai ba ya bukatar shuɗin fiye da sau biyu a mako. Feshi huɗu a mako, in aka lissafa, kusan gwangwani ɗaya ke nan a shekara duka. Bincike ya nuna cewa wanda ya ke ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara ya fi shiga hatsarin mummunan tashin ciwon, wanda kuma ya kai 12 hatsarin ya kai ga rasa rai. A 2014 an fid da rahoton wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum 195 da asma ta kashe, aka tarar da yawa daga cikinsu an rubuta musu shuɗin fiye da 12 a shekararsu ta ƙarshe, na kullum kuwa ba su karɓi abin da ya kamata ba.

Dalilin hatsarin a fili ya ke. Sauƙin da shuɗin ke bayarwa ya kan rufe wa mutum ido, kumburi na ta ƙaruwa a ciki shi kuwa bai sani ba. Daɗin daɗawa, in ana shaƙarsa kullum ba tare da na rigakafi ba, jiki ya kan fara sabawa da shi, ƙarfinsa na tsare bututun ya ragu. Sai ranar da mura ta zo, ko aka yi hazo mai ƙarfi, fatar ta ƙara kumbura, majina ta toshe abin da ya rage. A ranar nan tsoka ba ita ce babbar matsalar ba, saboda haka telan zai shaƙa sau biyu, sau huɗu, sau takwas, sauƙin ya zo kaɗan ya tafi da wuri. Bugu da ƙari, kumburin da aka bari shekara da shekaru ya kan sa bangon bututun ya yi kauri na dindindin, wanda ba wani maganin da zai mayar da shi yadda ya ke a da.

To, a ce likita ya sa telan nan a kan bekilometason mai ƙarfin maikirogiram 100, feshi biyu da safe, biyu da dare. Gwangwani mai feshi 200 zai yi masa kwana 50. A makon farko ba abin da zai ce ya canza, kuma nan ne mafi yawan mutane su ke yar da maganin. In ya daure, zuwa mako na biyu ko na uku zai lura barcinsa ya fara cika. Zuwa wata na biyu, in yana shaƙa daidai, mai yiwuwa ne shuɗin ya koma sau ɗaya ko biyu a mako. Nan kuma wani tarkon ya ke jira, domin zai ce ya warke, kuɗin magani kuma ga tsada. Lalle tsadar gaskiya ce, na kullum ya fi shuɗin kuɗi, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba. Amma in zai yi lissafi na adalci, sai ya ɗora gwangwani goman da ya daina saya a kan ma'auni, da ranakun da keken ɗinki ya kwana a rufe, da kuɗin gadon asibiti na dare ɗaya. Rage maganin yana yiwuwa, amma a kan yi shi ne bayan an sami kamar wata uku ana lafiya, mataki mataki, da sanin likita.

Akwai tsoro iri biyu da ke hana mutane shaƙar na kullum. Wasu sun ɗauka maganin shaƙa na waɗanda ciwonsu ya yi nisa ne, kuma wai wanda ya fara ba ya iya bari. Sai su gwammace ƙwaya ko ruwan magani na sha. Abin kuwa a juye ya ke. Ƙwayar salbutamol guda ɗaya mai miligiram 4 ta ninka feshi ɗaya sau 40, ta kan zaga jiki duka kafin ta isa huhu, ta fi jinkiri, ta kuma fi sa rawar hannu da bugun zuciya. Wasu kuma sunan sitiroyid ne ke ba su tsoro, domin sun ga abin da ƙwayar firednisolon ta yi wa waɗanda suka riƙa sayenta a kanti suna sha wata da watanni: fuska ta kumbura, hawan jini, ciwon sukari, ƙashi ya yi rauni. Tsoron nan yana da tushe, amma a kan ƙwayar ya kamata ya sauka. Ita likita ya kan ba da ita ne na kwana 5 zuwa 7 in ciwon ya tashi da ƙarfi. Wanda a ke shaƙa ɗan mitsitsi ne, kuma kai tsaye ya ke zuwa inda a ke bukatarsa. Abin da ya fi kawowa shi ne dishewar murya da farin kurji a baki, kuma kurkure baki da ruwa a tofar bayan kowace shaƙa ya kan rage wannan ƙwarai. A wurin yara ya kan iya rage tsawo da kamar santimita ɗaya, abin da bai kai illar asmar da aka bari ba magani ba. Mace mai ciki ma ba a so ta daina.

Tun 2019 kwamitin masana asma na duniya ya daina ba da shawarar a bar babba ko matashi a kan shuɗin shi kaɗai, ko da asmarsa ba mai tsanani ba ce. Akwai kuma wani maganin shaƙa da ya haɗa biyun cikin gida ɗaya, watau budesonayid tare da fomoterol, wanda shi ma mai sakin tsoka ne da sauri, ga kuma daɗewa. Hikimar haɗin ita ce duk lokacin da mutum ya miƙa hannu neman sauƙi, ya sami maganin kumburi tare, ko ya so ko bai so ba. Amma ba kowane maganin haɗi ne a ke iya yi wa haka ba. Wanda aka haɗa da salmeterol ba ya buɗe ƙirji da sauri, saboda haka ba a dogara da shi in numfashi ya sarƙe.

Kowane irin magani aka samu, in bai isa huhu ba asara ce, kuma kuskuren shaƙa ya yi yawa ƙwarai. Wani ya kan fesa sa'an nan ya ja numfashi, wani ya ja da ƙarfi kamar mai zuƙar taba, maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Yadda a ke yi shi ne a girgiza gwangwanin, a fid da numfashi, a sa bakin a tsakanin leɓe a rufe, a fara jan iska a hankali, a danna sau ɗaya ana cikin ja, a ci gaba da ja har ƙirji ya cika, sa'an nan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. In za a ƙara feshi na biyu, a sake girgizawa. Ga yara da tsofaffi, da kowa ma in ciwon ya tashi, akwai wata 'yar gora da a ke sawa tsakanin maganin da baki. A kan fesa sau ɗaya a cikinta, a yi numfashi huɗu ko biyar daga ɗaya bakin. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa gorar roba ta lemo mai cin rabin lita, in aka huda gindinta daidai bakin maganin aka toshe gefen da kyau, ta kan yi aikin da wadda a ke saya ta ke yi.

Ranar da ciwon ya tashi, shuɗin a ke ɗauka. A zaunar da mai ciwon a miƙe, kada a kwantar da shi, a ba shi feshi ɗaya ɗaya, da gora in akwai, kamar minti ɗaya tsakani, har zuwa feshi 10 in bukata ta kai. In ya kasa ƙarasa magana cikin numfashi ɗaya, ko sauƙin bai zo ba, ko ya zo ya tafi kafin awa huɗu, to asibiti za a nufa, ana ci gaba da ba shi maganin a hanya. Alamar da ta fi yaudarar iyali ita ce ƙarar fiton ta ɗauke alhali mutumin yana ta fama, ya gaji, leɓensa ya canza launi, ko barci ya fara fizgarsa. Su kan ce an sami sauƙi. Iskar da ke wucewa ce ta yi ƙarancin da ba ta isa ta yi ƙara ba, kuma a wannan hali ko jiran gari ya waye ba a yi.